Alamomin cuwa-cuwa a binciken kwangilolin gwamnati

Alamomin cuwa-cuwa a sayayyar gwamnati su ne abubuwan da mai binciken kuɗi, wato odita, kan gani a cikin fayil ɗin kwangila su sa shi ya dakata ya zurfafa bincike. Alama ba hujja ba ce ta cewa an ci kuɗi. Abin da take yi shi ne ta nuna wa odita fayil ɗin da zai fara buɗewa a cikin ɗaruruwan da ke gabansa. Uku daga cikinsu sun fi shahara: tsattsaga kwangila ɗaya zuwa ƙanana, ba kamfani ɗaya aiki ba tare da gasa ba, da aringizon farashi. Sau da yawa a fayil ɗaya ake iske su, domin ta farko ce ke buɗe wa sauran ƙofa.

Dokar da ake aunawa da ita

A Najeriya ma'aunin shi ne Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar kula da sayayyar gwamnatin tarayya. Tana aiki a kan ma'aikatu da hukumomin tarayya, da kuma duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa ya fito daga kason gwamnatin tarayya. Jihohi kuwa kowace da tata dokar. Saboda haka a cikin birnin Sakkwato kaɗai ana aiki da ma'auni biyu: cibiyoyin tarayya na bin dokar 2007, ma'aikatun jiha na bin dokar jiha da hukumarta. Abu na farko da odita ke tantancewa shi ne wace doka ce ta hau kan kuɗin da yake bincike. Sashe na 125 na tsarin mulkin 1999 ne ya ba Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ikon duba asusun ma'aikatu da miƙa rahoto ga Majalisar Dokoki, inda kwamitin kula da asusun gwamnati ke kiran jami'ai su yi bayani.

Ginshiƙin tsarin shi ne iyakar kuɗi. Akwai adadin da babban sakatare ko shugaban hukuma zai iya sa wa hannu shi kaɗai. Abin da ya haura haka sai kwamitin bayar da kwangila, in ya ƙara haurawa sai majalisar zartarwa, tare da takardar amincewar hukumar sayayya. Haka nan girman kuɗin ne ke nuna ko za a tallata aikin a jarida ko kuwa takardun farashi uku sun wadatar. Ana sauya waɗannan adadi lokaci zuwa lokaci, don haka odita yakan nemi takardar umarnin da ke aiki a ranar da aka ba da kwangilar, ba ta ranar da ya zo bincike ba.

Tsattsaga kwangila

Tsattsagawa ita ce a ɗauki buƙata ɗaya a yanyanka ta yadda kowane yanki zai tsaya a ƙarƙashin iyakar, kada aikin ya kai gaban kwamiti ko ya fita jarida. Dokar 2007 ta lissafa wannan a cikin laifukan sashe na 58. Jami'in da kotu ta kama da laifi a ƙarƙashin sashen zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, sannan a sallame shi daga aiki. Kamfani kuma a hana shi kwangilar gwamnati na aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin kwangilar.

Wanda ya duba bauca ɗaya, wato takardar biyan kuɗi, ba zai ga komai ba, domin kowace a kan kanta tsaf take: ga takardar neman izini, ga sa hannu, ga rasit. Sai an kwashe dukkan biyan kuɗin shekara an jera su bisa sunan ɗan kwangila, kwanan wata da layin kasafin da aka ciro kuɗin, sannan hoton ke fitowa.

Ga misali da lambobin da aka ƙaddara don bayani kawai. A ce iyakar shugaban wata hukumar ilimi naira miliyan 10 ce, kuma hukumar na buƙatar benci 600 na ɗalibai. A naira 48,000 kowane, jimilla ta kama miliyan 28.8, kuɗin da ya fi ƙarfin sa hannunsa. Sai odita ya iske kwangila uku, kowace ta benci 200 a kan miliyan 9.6. An ba da ta farko ran Litinin, ta biyu ran Laraba, ta uku Litinin ta sama. Lambobin takardun bayar da aikin na bin juna, layin kasafi ɗaya ne, fasalin bencin ɗaya ne. Da ya je sito, littafin karɓar kaya ya nuna duk 600 ɗin rana ɗaya suka shigo, mota ɗaya ta yi jigilarsu. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ƙarfi, domin ana iya gyara kwanan wata a ofis, amma ba kasafai ake tunawa da littafin mai kula da sito ba.

Ba kowace rarrabawa ce laifi ba. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, kuma hukumar da za ta kai kaya Illela, Tambuwal da Sabon Birni tana da dalilin raba aikin kashi-kashi, don kafintocin kowane yanki su samu shiga, kuɗin mota kuma ya ragu. Bambancin shi ne, a halastacciyar rarrabawa ana tallata kason duka a sanarwa ɗaya, kuma wanda ke da ikon amincewa da jimillar kuɗin shi ke amincewa. Haka nan idan kuɗin kasafi na fitowa zango-zango, ana iya sayen kaya sau uku a shekara ba da wata manufa ba. Odita yakan duba tsarin sayayyar da hukumar ta rubuta a farkon shekara: in an rubuta benci 600 a layi ɗaya tun farko, uzurin cewa buƙatar daga baya ta taso ya faɗi.

Takardun farashi na rakiya

Da zarar kwangila ta sauko ƙasa da iyakar talla, abin da doka ke nema shi ne takardun farashi daga aƙalla kamfanoni uku da ba su da alaƙa da juna. Nan ne ake samun 'yan rakiya, wato takardu biyu da aka kawo don kawai ta uku ta zama mafi araha. A misalin bencin, a ce farashin da ke cikin fayil su ne 48,000 da 49,500 da 51,000. Tazarar 1,500 daidai wa daida tsakanin 'yan kasuwa uku da ba su haɗa baki ba abu ne mai wuyar faruwa. Odita zai jera takardun gefe da gefe ya duba ko kuskuren rubutu ɗaya ya maimaitu a dukkansu, ko lambar waya ɗaya ce a ƙasan biyu, ko hannu ɗaya ne ya cike su. Daga nan sai rajistar kamfanoni ta hukumar CAC, inda ake ganin daraktoci, adireshi da ranar rajista. Kamfanin da aka yi wa rajista wata guda kafin ya ci kwangila, ko kamfanoni uku da adireshinsu shago ɗaya ne, sun isa a rubuta takardar neman bahasi. Wata alamar sai an haɗa fayil da yawa take bayyana: kamfanoni ukun nan su ne kullum ke fafatawa, yau wannan ya ci, gobe wancan, kamar masu adashi.

Aringizon farashi

Sashe na 22 na dokar ICPC ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara 7 da tarar naira miliyan 1 ga jami'in da ya ƙara farashin kaya ko aiki fiye da na kasuwa. Wahalar tana wajen tabbatar da farashin kasuwar. Kuskuren da sabon odita ke yawan yi shi ne ya je wurin kafinta ya ji farashin kuɗi hannu, ya ɗebe shi daga kuɗin kwangila, ya kira ragowar duka sata. Ɗan kwangila na da kuɗin mota, da haraji, da ribarsa, kuma yakan jira watanni kafin a biya shi.

Lissafin adalci ga yadda yake tafiya. A ce kafinta na yin benci irin wannan a kan 30,000 a watan da aka ba da aikin. A ƙara 1,500 na mota da lebura, ya zama 31,500. A ba ɗan kwangila kashi 20 cikin ɗari na riba da ɗawainiya, wato 6,300, ya zama 37,800. Harajin sayen kaya na kashi 7.5 cikin ɗari ya kama 2,835, jimilla 40,635. Tsakanin wannan da 48,000 akwai 7,365 a kowane benci, wato naira miliyan 4.4 da 'yan kai a benci 600. Wannan adadin ne za a nemi jami'in ya yi bayaninsa. Dole farashin da aka auna da shi ya zama na lokacin kwangilar, domin a shekaru irin 2023 da 2024 farashin katako da ƙarfe na iya sauyawa cikin 'yan makonni.

Sanin gari na taimakawa a nan. Akwai masana'antar siminti a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, saboda haka lissafin ginin cikin gari da ya sa kuɗin dakon siminti kamar daga kudu aka ɗauko shi yana buƙatar bayani. Wani aringizon kuma ba a farashi yake ba, a ingancin kaya yake: an biya kuɗin katako mai kauri, an kawo falange. Wannan sai an je an taɓa da hannu, abin da matsalar tsaro a gabashin jihar ke hanawa a wasu lokuta, sai a dogara da hotuna da takardar shugaban makaranta.

Ba kamfani ɗaya aiki kai tsaye

Doka ba ta haramta wannan ba, sharuɗɗa ta gindaya masa a sashe na 42 da na 43. Ya halatta idan kamfani ɗaya ne kaɗai ke da kayan, ko ana buƙatar kayan gyara da za su dace da injin da ake da shi, ko gaggawa ta taso wadda ba sakacin hukumar ne ya jawo ta ba. Ambaliyar da ta yi ɓarna a Sakkwato a 2010 irin wannan gaggawar ce ta gaske. Ba wanda zai ce a jira talla kafin a sayo tabarmi da magani. Amma takin zamani ba gaggawa ba ne, kowa ya san lokacin da damina ke faɗuwa, kuma benci ba kayan da kamfani ɗaya ya mallaka ba ne.

Odita yakan nemi takardar dalili, ya duba kwanan watanta. Idan an rubuta ta bayan an ba da aikin, cike giɓi aka yi. Sai ya auna gaggawar da abin da ya biyo baya: kayan da aka ce ana buƙata cikin mako guda amma suka iso bayan wata biyar, alhali an biya kuɗin kafin alƙalami tun a makon farko, sun ƙaryata dalilin da kansu. Irin wannan fayil yana shiga takardar neman bahasi tare da wa'adin amsawa, kuma abin da jami'in ya kasa warwarewa shi ke shiga rahoton shekara da ake miƙa wa majalisa.