Waiwaye: abin da ya hana jijiya harba saƙo ba iyaka

Ɗaliban ajin ƙarshe na sashen kimiyya a Maradi kowa ya san zanen nan na tudu mai tsini, mai nuna cajin lantarkin jijiya lokacin da take harba saƙo: layi ya tashi daga ƙasa, ya haura sifiri, ya gangaro. Sai dai tambayar da ke ka da yawancinsu ita ce ta bayan gangarowa: me ya sa jijiya ba ta sake harbawa nan take?

Tambayar ta fi shekara ɗari. A 1791 Luigi Galvani na Bolonya ya wallafa gwajinsa da ƙafar kwaɗo, wadda ta zabura da aka taɓa jijiyarta da lantarki. A 1850 Hermann von Helmholtz ya auna gudun saƙon, ya tarar wajen mita 30 ne kawai a sakan. Wato ba irin gudun wutar waya ba ne, wani abu ne ke tafiya taki-taki a jikin jijiyar. Sai a 1899 Francis Gotch da George Burch suka lura cewa in aka zaburi jijiya sau biyu kusa da kusa, zabura ta biyu ba ta haifar da komai. Edgar Adrian da Keith Lucas, a 1912, suka ƙara bayyana cewa wannan hutu da jijiya ke yi bayan harbi kashi biyu ne: akwai lokacin da ba ta amsawa sam, da wanda take amsawa in an matsa mata.

An ga abin, amma ba a san dalili ba. Dalilin ya fito daga hannun Alan Hodgkin da Andrew Huxley, waɗanda suka yi aiki a Plymouth ta Ingila da jijiyar wata halittar teku mai hannuwa da yawa, don kaurinta ya isa a zura mata waya a ciki. Sun fara a 1939, yaƙi ya katse su, suka kammala a 1952, aka ba su kyautar Nobel a 1963.

Ga abin da aikinsu ya bayyana. In ƙwayar jijiya ba ta harba saƙo, cajin cikinta yana wajen milibolt 70 ƙasa da sifiri, milibolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt. Sodiyom ya fi yawa a waje, fotasiyom a ciki. Idan zabura ta ɗaga cajin zuwa kusan 55 ƙasa da sifiri, ƙofofin sodiyom da ke jikin fatar ƙwayar sai su buɗe, ya kwararo ciki, shigarsa ta buɗe wasu ƙofofin, har caji ya kai 30 ko 40 sama da sifiri. Daga nan ƙofofin fotasiyom, masu nawar buɗewa, su bar shi ya fita, caji ya koma ƙasa, har ya ɗan zarce inda ya faro.

Inda maganar take shi ne ƙofar sodiyom ƙyaure biyu gare ta. Na farko yana buɗewa da sauri. Na biyu yana rufewa da kansa cikin kusan milisakan 1, kashi ɗaya cikin dubu na sakan ke nan, kuma ba ya sake buɗewa sai cajin ciki ya koma ƙasa sosai. Muddin yana rufe, kome ƙarfin zabura ba abin da zai tashi, kamar bindigar maharbi ta dā da ba a sake ɗura wa albarushi ba. Bayan wannan wasu ƙofofin sun farfaɗo, amma fotasiyom na ci gaba da fita, don haka sai zabura mai ƙarfi ce za ta tayar da saƙo.

Lissafin ba wuya: `f = 1/t`, inda `f` yake yawan saƙo a sakan, `t` kuma tazarar da ke tsakanin saƙo biyu, a sakan. Jijiyar da hutunta na dole milisakan 2 ne ba za ta wuce saƙo 500 a sakan ba. In kuwa zaburar matsakaiciya ce, ta yadda sai ta jira milisakan 5 kafin ta isa, saƙo 200 kawai za a samu. A nan ɗalibai kan yi kuskure, su ce ciwo mai tsanani saƙo ne mai girma. Girman saƙo ba ya sauyawa, yawansa ne ke ƙaruwa, kamar yadda Adrian ya nuna a 1926. Hutun nan kuma shi ke hana saƙo komawa baya, tunda sashen da ya baro bai farfaɗo ba.

Duk wanda kunama ta taɓa harba a ƙasar nan ya ɗanɗana abin da ke faruwa in ƙyaure na biyu ya yi jinkiri. Dafin wasu kunamun yankin Sahara yana hana shi rufewa a kan kari, sai jijiya ta yi ta harbawa, ga raɗaɗi ga zufa. Wasu magungunan farfaɗiya, irin su karbamazefin da fenitoyin, akasin haka suke yi: suna riƙe ƙofar a rufe ta ƙara daɗewa, ta yadda saƙo na yau da kullum zai wuce, amma harbi a jejjere da sauri ya gagara.