Bibiyar kuɗin da aka turo daga ƙasar waje: matakai da dalilan jinkiri

Bibiyar kuɗi ita ce duba inda saƙon kuɗi ya kai tun daga lokacin da mai turawa ya biya a ƙasar da yake zaune har zuwa lokacin da iyalinsa suka karɓa a gida. Ana yin ta ne da lambar da kamfanin tura kuɗi ke bayarwa a kan rasit, wadda ake shigarwa a manhajar kamfanin ko a shafinsa. Lambar Western Union, wadda ake kira MTCN, tana da alƙaluma 10, ta MoneyGram kuwa alƙaluma 8. Wannan maƙala ta ɗauki kuɗin da ake turowa Najeriya a matsayin misali.

Zangon da kuɗin ke bi

Mai turawa yana ganin saƙo ɗaya ne, amma kuɗin zango uku suke yi, kuma kowane zango yana hannun wani daban. A zangon farko kamfanin yana karɓar kuɗin daga wurin mai turawa. A na biyu yana tantance saƙon, ya canza kuɗin zuwa naira, ya aika umarnin biya ga abokin hulɗarsa a Najeriya. A na uku abokin hulɗar, wanda yawanci banki ne, yana zuba kuɗin a asusun mai karɓa ko kuma ya ajiye su har a zo a karɓa hannu da hannu. A mafi yawan lokuta ba kuɗin mai turawa ne ke tsallako teku a ranar ba, domin kamfanonin sukan ajiye kuɗi tun da farko a wurin abokan hulɗarsu, a riƙa biya daga ciki. Wannan ne ya sa saƙo kan iya isa cikin mintuna kaɗan idan babu abin da ya tare shi.

Kalmomin da ke bayyana a allo sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ma'anarsu ta yi kusa. “In progress” na nufin saƙon yana zangon farko ko na biyu, ba tare da ya fayyace wanne ba. “On hold” na nufin an tsayar da shi har sai an sami wani bayani. “Available for pickup” na nufin za a iya zuwa a karɓa. Wadda ta fi jawo saɓani tsakanin ’yan uwa ita ce “Delivered” ko “Completed”, domin a wasu kamfanonin abin da take nufi shi ne an miƙa kuɗin ga bankin mai karɓa, ba lallai ne sun riga sun shiga asusun ba. Mai turawa ya ga an gama, na gida kuwa bai ga alat ba, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa.

Inda jinkiri ke aukuwa

Jinkirin zangon farko ya dogara ga yadda aka biya. Katin banki da tsabar kuɗi suna tabbata nan take, haka ma tsarin Faster Payments na Birtaniya, wanda ke aiki dare da rana tun 2008. A Amurka kuwa, cire kuɗi daga asusu ta tsarin ACH yakan ɗauki ranakun aiki, kuma ba ya tafiya Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Bambancin ranakun hutu ma yana da tasiri: hutun mako a Saudiyya Juma’a ne da Asabar, a Najeriya Asabar da Lahadi, don haka matsalar da ke buƙatar ma’aikatan ɓangarorin biyu tana iya jira daga yammacin Alhamis zuwa safiyar Litinin.

A zango na biyu ne ake tace sunaye da jerin waɗanda aka saka wa takunkumi, ake kuma lura da saƙon da ya saɓa wa abin da mai turawa ya saba yi. Sunayen da mutane da yawa ke amfani da su, irin su Muhammad da Abubakar da Ibrahim, sun fi saurin yin kama da wani suna a jerin, sai a tsayar da saƙon har ma’aikaci ya duba ranar haihuwa da katin shaida. A nan mai turawa ne kaɗai zai iya warware matsalar, ta hanyar amsa saƙon kamfanin da takardun da aka nema. Zaryar da iyali za su yi a banki ba ta ƙara komai.

Zango na uku yana bin ƙa’idojin Babban Bankin Najeriya. Bisa ƙa’idojin da ya sabunta a Janairun 2024, ana biyan irin wannan kuɗi da naira, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 sai ta asusu, ba hannu da hannu ba. Wanda zai karɓi tsabar kuɗi dole sunan da ke kan saƙon ya dace da na katin shaidarsa, kuma bambanci tsakanin Aisha da A’ishatu ya isa a mayar da shi gida sai mai turawa ya gyara.

Misali

A ɗauka wani ma’aikaci a Amurka ya tura wa mahaifiyarsa a Kano dala 400 da yammacin Juma’a, ya zaɓi a cire daga asusunsa don kuɗin aikawa ya fi sauƙi. Idan kamfanin yana jiran kuɗin su tabbata kafin ya saki saƙon, allo zai tsaya a kan “In progress” har Litinin ko Talata, kuma wannan ba alamar matsala ba ce. Ranar Talata aka saki saƙon. In aka ƙaddara canji naira 1,500 kan kowace dala, kuɗin sun zama naira 600,000. Sai dai asusun mahaifiyar na matakin farko ne, irin wanda ake buɗewa da ƙaramin bayani, wanda bai kamata abin da ke cikinsa ya wuce naira 300,000 ba. Bankinta zai iya ƙin karɓar kuɗin su koma, ko kuma ya karɓa ya sa wa asusun takunkumi har a ɗaga matakinsa.

Hanyar gane wanne ya faru ita ce lambar da ake kira Session ID. Kuɗin da ya bi ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, wanda ke haɗa bankunan Najeriya tun 2011, yana samun wannan lamba mai alƙaluma 30. Lambar rasit ta ƙasar waje ba ta da amfani ga bankin mahaifiyar idan ba shi ne abokin hulɗar kamfanin ba. Abin da zai iya bincikawa da shi ita ce Session ID, wadda ɗan zai nema daga kamfanin ya turo. Kafin haka ya dace a duba bayanan asusun kai tsaye, domin rashin alat ba ya nufin kuɗi bai shigo ba. Idan bankin ya ga ya ƙi karɓa, kuɗin suna komawa ga abokin hulɗar, daga nan kamfanin ya sake gwadawa ko ya mayar wa mai turawa, kuma sake turawa na iya zuwa da wani farashin canji.

Haƙƙin mai turawa da mai karɓa

Dokar Amurka ta ba mai turawa minti 30 bayan biya ya soke saƙon a mayar masa da kuɗinsa, muddin ba a riga an karɓa ko an zuba a asusu ba, da kuma kwana 180 daga ranar da aka yi alkawarin isarsa ya kai ƙorafin kuskure. A Najeriya mai karɓa yana fara kai ƙorafi ga bankinsa, ya karɓi lambar ƙorafin, idan kuma ba a warware ba cikin wa’adin da aka tsara sai ya ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Kuskuren da ya fi wuyar gyarawa shi ne na lambar asusu mai alƙaluma 10: idan lambar da aka rubuta bisa kuskure ta wani ce kuma kuɗin sun shiga, dawo da su yakan buƙaci amincewar mai asusun ko umarnin kotu.