Wasiƙar mai kamfani ga ma'aikata kan mayar da takardu kilawud

Wannan wata irin takardar cikin gida ce da mai ƙaramin kamfani ko babban shago ke rubuta wa ma'aikatansa in ya yanke shawarar ɗauke rasitai da lissafin bashi da takardun albashi daga kabad ko kwamfutar ofis ya mayar da su kilawud, wato kwamfutocin wani kamfani da ke ajiye wa mutane bayanai, ana shiga ta intanet daga ko'ina. Yawanci ba ta wuce shafi ɗaya, ana buga ta a manna a bango ko a tura ta imel, ko da yake yanzu galibi a guruf ɗin WhatsApp na ofis ake jefa ta. Ana ce mata wasiƙar bayani amma ainihin aikinta shi ne ta faɗi wa zai ga me, wa zai iya gyara me, kuma daga wace rana tsohon littafi ya daina aiki.

Asali

Rubuta wa ma'aikata takarda ba tsohon abu ba ne sosai a ƙananan sana'o'i, da baki ake yi, maigida ya tara yaransa ya faɗa shi ke nan. Takardar cikin gida ta samu gindin zama ne wajajen ƙarshen ƙarni na 19 a manyan kamfanonin Amurka, musamman na jirgin ƙasa, inda ma'aikata suka yi yawa suka warwatsu har baki ya kasa isar da umarni. A wannan tsakanin ne kuma, kamar a shekarun 1890, kabad ɗin fayil mai aljihu da ake jera takardu a tsaye ya shigo ofisoshi, shi ne dai wanda har yau ake gani a kusurwar ofis da makulli a aljihun akanta.

Shi kuma tunanin kilawud ya girmi sunansa. Tun 1961 masanin kwamfuta John McCarthy ya yi magana a jami'ar MIT ta Amurka cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta kamar yadda ake sayar da wuta da layin tarho, kowa ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Ana yawan danganta fara amfani da sunan ga wata takardar kamfanin Compaq ta wajajen 1996, sai dai ba kowa ya yarda da haka ba. Abin da babu gardama a kai shi ne Salesforce ya fito a 1999 yana ba da hayar manhaja ta intanet, sannan a 2006 Amazon ya buɗe S3 na ajiya da EC2 na hayar kwamfuta. Waɗannan biyu na Amazon na masu harkar manhaja ne, ƙaramin ɗan kasuwa bai shigo ba sai da Dropbox mai ajiye wa mutane fayil ya fara aiki a 2008, Google Drive ya biyo a Afrilun 2012, Microsoft kuma ya sauya wa SkyDrive suna zuwa OneDrive a 2014. Daga nan ne irin wannan wasiƙa ta zama ruwan dare, don yanzu mai ma'aikata goma ma zai iya yin abin da a da sai banki.

Cibiyoyin ajiyar sun daɗe ba su iso Afirka ba. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, na Google a Johannesburg ya fara aiki a 2024. To mai shago a Kano ko Maraɗi da ya ce ya sa takardunsa a kilawud, yawanci takardun suna wata ƙasa ne, kuma wasiƙu kaɗan ne ke faɗin haka.

Dalilan da ake kawowa

Na farko dai asara, gobara ko ambaliya ko sata ko kuma hadis ɗin kwamfuta, wato ma'ajiyar bayananta, ya mutu rana tsaka. A arewacin Najeriya ba a buƙatar dogon bayani kan wannan, gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016 ta cinye dubban shaguna, kuma wanda littafin bashinsa ya ƙone tare da kaya asara biyu ya yi, don ba shi da hujjar da zai bi masu riƙe da kuɗinsa. Bayan 2017 da manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin Birtaniya, sai wasiƙun suka ƙara maganar masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa.

Na biyu shi ne rikicin kwafi. Akanta na da nasa Excel a filasha, mai sito na da nasa, Alhaji na da wanda aka tura masa makon jiya, kowa na rantsuwa nasa ne daidai. Kilawud na mayar da su fayil ɗaya da kowa ke taɓawa, kuma yana nuna wanda ya gyara da lokacin da ya gyara.

Maganar sauƙin kuɗi ana jayayya a kai, wasu na ganin hayar wata-wata ta fi sayen kwamfuta da janareta araha, wasu na cewa haya ce da ba ta ƙarewa kuma tana tashi in naira ta faɗi.

Misali

A ɗauka wani mai sayar da kayan gini ne da ma'aikata 9, shago ɗaya sito ɗaya, yana da fayil na gigabait 40 a kwamfutar ofis, mafi yawa hotunan rasit da takardun kai kaya. Zai buɗe da sallama, ya kira su 'yan uwa abokan aiki, ya yi musu fatan alheri, sannan ya shiga magana kai tsaye: daga ɗaya ga wata mai zuwa duk rasit da lissafin sito a kilawud za a shigar, littafin hannu zai ci gaba na wata ɗaya tare da sabon tsari don a riƙa gwada su, bayan nan a rufe shi a adana. Wannan watan na tafiya tare shi ne mafi muhimmanci a jadawalin, a nan ake gane cewa an manta da wani fayil ko wani bai iya shiga ba, tun tsohon littafi na nan.

Sai rabon izini, wanda nan ne wasiƙar ke cin sunanta ko ta faɗi. Fayil ɗin albashi shi da akanta kaɗai. Lissafin sito mai sito na gyarawa, masu sayarwa suna gani kawai ba sa iya taɓawa, a Google Drive wannan shi ne bambancin Editor da Viewer. Kowa da akawun ɗinsa da fasuwod ɗinsa, ba a aro, kuma a kunna lambar tabbatarwa da ke zuwa waya. Dalili kuwa, in mutum tara na shiga da fasuwod ɗaya to tarihin gyara ya zama banza, ba za a san wa ya rage buhun siminti ashirin daga lissafi ba, kuma ranar da wani ya bar aiki dole a sauya wa kowa. Wasiƙa mai kyau tana hana zaɓin Anyone with the link ga takardun kwastoma, don duk wanda link ɗin ya faɗa hannunsa zai buɗe, ko da kuwa a guruf ɗin unguwa aka tura da kuskure.

Lokacin ɗorawa ma ana faɗa. Gigabait 40 a layin da ke tura megabit 5 a sakan zai ci kusan awa 18 in bai yanke ba, kuma zai yanke, shi ya sa ake raba shi dare-dare ko ranar da ba kasuwa. Girman ma ya wuce kyautar da ake bayarwa, Google na ba da gigabait 15, OneDrive 5, Dropbox 2, don haka sai an biya. Nan wasu ke tafka kuskuren buɗe ajiyar da imel ɗin wani yaro da ya iya kwamfuta, in ya tafi ya tafi da makullin kamfani gaba ɗaya, alhali kamata ya yi akawun ɗin ya zama da sunan kamfani kuma maigida ne ke riƙe da shi.

Akwai kuma sakin layin da ba na fasaha ba, inda Alhaji ke cewa ba don yana zargin kowa ba ne kuma ba wanda za a sallama. Ma'aikata shi suke fara nema, musamman dattijon magatakarda da ya shekara yana riƙe da littafi. A nan ake faɗin wanda zai koyar, da ranar, da kuma wa zai sayi data, don in aka bar wannan a buɗe ma'aikaci zai daina ɗora rasit ranar da datarsa ta ƙare bai gaya wa kowa ba.

Abin da wasiƙun ke tsallakewa

Da yawa suna rubuta cewa yanzu babu abin da zai ɓace, wanda ba gaskiya ba ne. Fayil ɗin da ke haɗe da kilawud in aka goge shi a kwamfuta ɗaya yana gogewa a ko'ina, a Google Drive yana zama cikin Trash kwana 30 sannan ya tafi. Haka in manhajar fansa ta kulle fayil, lalataccen kwafin ne zai hau sama, sai dai a koma tsohon kwafi in tsarin ya ajiye. Su ma cibiyoyin suna ƙonewa, a Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiya ta kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, wasu kwastomomi da ba su da kwafi a wani wuri suka rasa bayanansu. Shi ya sa masu harkar ke cewa a riƙe kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, ga ƙaramin shago wannan na nufin a sauke komai a hadis na waje duk wata a kai gida. Hanyar gane ko tsarin na aiki ita ce a zaɓi wani tsohon rasit a gwada dawo da shi, in ya ɗauki yini ko ya gagara to akwai matsala.

Sai ranar da babu netwok. A 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa duk suka ji a jika. Wasiƙar da ta san aikinta tana cewa a irin wannan rana a rubuta rasit da hannu, a shigar da yamma ko washegari, ta kuma faɗi wanda zai shigar.

Doka

A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta bar alhakin bayanan kwastoma da na ma'aikata a wuyan kamfani ko da wani ne ke ajiye masa, kuma in aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane ana sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Nijar na da tata dokar tun 2017. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta ce a adana takardun lissafi shekara shida, don haka wasiƙar kan gargaɗi ma'aikata kada su zubar da tsofaffin rasitai don kawai an ɗauki hotonsu.