Cacar Tazarar Farashi Tsakanin Kamfanoni Biyu

Cacar tazarar farashi, wadda masu harkar ke kira abitiraj, ita ce mutum ya zuba kuɗi a kan kowane sakamakon da wasa zai iya haifarwa, amma a kamfanonin caca daban-daban, ta yadda duk wanda ya yi nasara abin da za a biya mai cacar zai fi jimillar abin da ya zuba. Ba ta dogara da sanin wasa ko iya hasashe ba. Abin da ta dogara da shi shi ne saɓanin farashi tsakanin kamfanoni biyu a lokaci guda. A takarda ribarta tabbatacciya ce, amma a aikace tana rataye ne a kan sharaɗi ɗaya: dole kamfanonin biyu su karɓi cacar yadda aka sa ta, su kuma yanke mata hukunci iri ɗaya.

Yadda tazarar ke samuwa

Farashin caca, wato ods, yana nuna ninkin da za a biya idan an ci. Wanda ya sa 100 a kan farashin 2.10 zai karɓi 210, har da uwar kuɗinsa a ciki. Idan aka raba 1 da farashin, sai a samu yiwuwar nasara da kamfanin ya ƙiyasta. A kamfani ɗaya, jimillar waɗannan alƙaluma kan wuce 1, kuma rarar ita ce ribarsa. Misali, idan ya ba 'yan wasa biyu farashin 1.91 kowannensu, jimillar za ta kai kusan 1.047.

Sai dai kamfanoni ba sa sauya farashi tare. Wani ya ji labarin raunin ɗan wasa ya gyara nan take, wani ya makara, wani kuma ya ɗaga farashi da gangan don jawo abokan ciniki. Idan aka ɗauki farashi mafi tsoka daga kowane ɓangare, jimillar na iya faɗowa ƙasa da 1. A nan tazarar take.

Lissafin abin da za a zuba

A ɗauki wasan tanis, inda babu kunnen doki. Kamfanin farko ya ba ɗan wasa na ɗaya farashin 2.10, kamfani na biyu ya ba abokin karawarsa 2.05. Idan a da b su ne farashin biyu, T jimillar kuɗin da za a zuba, x da y kuma abin da za a sa a kamfanin farko da na biyu, ga ƙa'idar:

```
S = 1/a + 1/b
x = T × (1/a) / S
y = T × (1/b) / S
```

A wannan misali, 1/2.10 ya ba da 0.4762, 1/2.05 kuma 0.4878, jimilla 0.9640. Tunda ba ta kai 1 ba, akwai tazara. Mai kuɗi 1,000 zai sa 494 a kamfanin farko, 506 a na biyu. Idan ɗan wasa na ɗaya ya ci, za a biya shi 1,037.40. Idan na biyu ne, 1,037.30. Ko ta ina aka ɓullo, ribar kusan 37 ce, wato kashi 3.7 cikin ɗari.

Ya kamata a riƙe alƙaluman nan biyu tare: an ɗora kusan 500 a kowane ɓangare don a samu 37. Duk haɗarin harkar daga wannan rashin daidaito yake tasowa.

Motsin farashi da iyakar zubi

Ba a iya sa caca biyu a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin ta farko da ta biyu, farashi na iya zamewa, musamman da yake wasu ma sun hango tazarar. A misalin nan, muddin farashin kamfani na biyu ya sauka ƙasa da 1.91, riba ta tafi. Idan ya faɗo zuwa 1.85, wanda ya riga ya sa 494 sai ya zuba kusan 561 a ɗaya ɓangaren kafin ya rufe kansa, ya fita da asarar kusan 18. Wannan asara ce mai sauƙi, kuma karɓarta ya fi barin caca ɗaya a buɗe da fatan sa'a.

Iyakar zubi ta fi haka ciwo. Kamfanoni da yawa ba sa son irin wannan abokin ciniki, kuma suna gane shi: kullum yana ɗaukar farashin da ya fi na kasuwa, yana zuba kuɗi masu ɓarɓashi irin 493.98, yana bin ƙananan gasannin da ba a cika kula da su ba. Da sun gane shi sai su rage abin da asusunsa zai iya sawa, sau da yawa ba tare da sanarwa ba. A ce kamfani na biyu ya karɓi 200 kawai maimakon 506. Idan ɗan wasa na biyu ya ci, za a biya 410 a kan 694 da aka zuba, asarar 284 ke nan. Saboda haka masu gogewa kan fara da ɓangaren da suka fi shakkar za a karɓa, sannan su daidaita ɗayan da abin da aka amince da shi.

Kuskure da soke caca

Sharuɗɗan yawancin kamfanoni sun ba su damar soke caca, ko biyanta a farashin da suka ce shi ne daidai, idan an yi kuskure bayyananne wajen saka farashi, kamar juya farashin 'yan wasa biyu ko sa ɗigo a inda bai dace ba. Alamar ba ta da wuyar ganewa. Tazara ta gaskiya ƙarama ce, kashi kaɗan cikin ɗari. Idan ta kai kashi 15 ko 20, ko kuma kamfani ɗaya ya yi nisa da duk sauran, mafi yawanci kuskure ne, kuma ana iya soke shi bayan an fara wasa, lokacin da gyara ya yi wuya.

Soke caca na nufin a mayar wa mutum kuɗinsa na wannan ɓangaren kawai. Ɗayar cacar tana nan daram, ta koma caca tsagwaronta. Wasan tanis ya fi nuna wannan, domin kamfanoni sun saɓa kan hukuncin ɗan wasan da ya janye saboda rauni. Wasu na soke komai idan ba a kammala wasan ba, wasu kuma na ɗaukar wanda ya janye a matsayin wanda aka doke muddin an gama zagayen farko na wasan. A ce ɗan wasa na biyu ya janye a zagaye na biyu na wasan. Kamfanin farko, mai sharaɗin kammala wasa, ya mayar da 494 ba tare da riba ba. Kamfani na biyu ya ce an faɗi, ya riƙe 506. Janyewa ɗaya ta cinye ribar cacar irin wannan kusan 14 da suka tafi lafiya. Da sharuɗɗan sun zo a juye da mutum ya amfana, amma wannan sa'a ce, ba lissafi ba.

Akwai kuma kuskuren mai cacar da kansa, wanda ba a mayar wa kowa kuɗi a kansa. Wanda ya fi yawa shi ne haɗa caca biyu da suka yi kama alhali ba kishiyoyin juna ba ne. A ƙwallon ƙafa, cacar nasara cikin minti 90 daban take da cacar wanda zai tsallake zuwa zagaye na gaba, kuma wanda ya rufe nasarar ƙungiyoyin biyu kawai ya bar kunnen doki a buɗe. A ƙwallon kwando, wata caca na haɗawa da ƙarin lokaci, wata ba ta haɗawa.

Bayan duk wannan akwai kuɗin da ke zurarewa a gefe: cajin sakawa da cirewa, canjin kuɗi, da haraji a ƙasashen da ke cire shi daga abin da aka ci. Kuɗin mutum kuma a rarrabe yake a asusai daban-daban, kuma kamfani na iya dakatar da cirewa har sai ya gama tantance takardun mai asusun. Cajin kashi 2 cikin ɗari a kan 1,000 ya riga ya kwashe 20 daga ribar 37.