Jawabin buɗe zama a kotun gwaji: abin da alƙali yake nufi

Kotun gwaji, wadda ɗaliban shari'a ke kira "mut", zama ne na koyon aikin lauya. Ba a kiran shaidu, ba a rantsar da kowa. Yawanci ana ƙaddarawa ne cewa ƙaramar kotu ta riga ta yanke hukunci, yanzu ɗaukaka ƙara ake saurare, don haka muhawarar a kan doka ce zalla. A nan Kano, ɗaliban tsangayar shari'a ta Jami'ar Bayero sun san irin wannan zama.

Jawabin buɗe zama shi ne 'yar maganar da mai riƙe da kujerar alƙali, malami ne ko lauya, yake yi kafin kowa ya miƙe. Ga misalinsa:

"Lauyoyi, mun karanta takardunku, kada a maimaita mana su. Kowane ɓangare yana da minti 15, mai ɗaukaka ƙara ne zai fara. In yana son martani, ya ware lokacinsa tun yanzu. Za mu katse ku da tambaya, kuma agogo ba zai tsaya ba. Abin da ke cikin takardar ƙarar shi ne abin da ya faru, kada a ƙara masa gishiri."

Zancen agogon nan shi ne a ganina ya fi kayar da ɗalibai. A ce mai ɗaukaka ƙara ya ware minti 3 don martani, saura 12. Tambayoyin alƙali su cinye 5, saura 7. Wanda ya haddace jawabin minti 12 kamar tilawa, sai magatakarda ya ɗaga masa katin ƙarewar lokaci bai kai ga hujjarsa mafi ƙarfi ba. Da ya fahimci jawabin alƙali, da ita zai fara. Haka kuma idan aka yi masa tambaya, ba a son ya ce "zan zo wurin nan gaba". Amsa ake so nan take, domin ita ma ana ba ta maki. Shi kuwa martani, amsa ce ga abin da abokin karawa ya faɗa, ba a shigo da sabon batu a ciki.

Sai batun gishiri. Ɗauki ƙarar hayar shago a Kantin Kwari: takardar ta ce mai shago ya sanar da ɗan haya ya tashi, amma ba ta ce a rubuce ba. Ɗalibi ya miƙe ya ce, "Ya Mai Shari'a, an ba shi sanarwa a rubuce." Alƙali ba zai yi faɗa ba. Zai dai ce, "Lauya, a wane sakin layi?" Daga nan sai laluben takarda, agogo kuwa yana tafiya.