Na yi wa shanuna feshi, me ya sa kaska ta dawo?

Mil nawa zan zuba a famfon feshi?

Abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Idan amitiraz ne mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, mil 2 ake zubawa a kowace lita ta ruwa. Famfo mai lita 16 zai ci mil 32, mai lita 20 kuma mil 40. Saifametirin mai ƙarfin kashi 10 galibi mil 1 ne a lita. A auna da sirinji. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne, ido ma haka, kuma "sai ruwan ya yi fari kamar madara" ba awo ba ne. A fara dama maganin a bokiti da ɗan ruwa, a juye a famfon, sannan a cika. Abin da aka haɗa yau a ƙarar da shi yau, domin amitiraz yana lalacewa idan ya kwana cikin ruwa.

Idan na ninka maganin ba zai fi kashewa ba?

A'a. Saniyar za ka jigata. Amitiraz idan ya yi yawa yana sa dabba kasala, tangaɗi da kumburin ciki. Kada kuma ya taɓa doki ko jaki ko kaɗan, yana iya kashe su.

Akwai ragowar maganin feshin gona, zan iya amfani da shi?

Kada ka soma. Ko da sunan sinadarin ɗaya ne, ƙarfinsa da abin da aka narka shi a ciki ba don fatar dabba aka yi su ba. Haka ake ganin saniya tana dalalar da miyau, jikinta na kyarma, tana zawo, numfashi na sarƙe ta. Idan hakan ta riga ta faru, a wanke ta da ruwa mai yawa da sabulu, a kira likitan dabbobi nan take, a riƙe kwalbar a nuna masa don ya san makarin da zai ba ta.

Na yi feshi ranar Asabar, kafin Laraba na ga kaska. Maganin jabu ne ko kaskar ce ta daina jin magani?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, don haka a yi haƙuri a bi ta daki-daki. Kafin a zargi kwalba ko kaska, sai an fara duba hannun mai feshin, domin a nan kuskuren ya fi yawa.

Ɗauki garke mai manyan shanu 18 da maruƙa 6. Babbar saniya tana bukatar kusan lita 5 kafin ruwan ya ratsa gashi ya kai fata, maraƙi kuma kamar lita 2. Lita 90 ke nan ga manya, 12 ga ƙanana, jimla 102. Da famfo mai lita 16 sai an cika shi sau shida da ɗan ɗori, amitiraz kuma ya tashi mil 204. To mutumin da ya gama wannan garke da cika biyu, lita 32 ya raba wa dabbobi 24, kowacce ba ta samu lita ɗaya da rabi ba. Awon maganinsa daidai ne, amma gadon baya da tozo kawai ya yayyafa, alhali kaska ba a nan take zama ba. Tana hantsa, maraina, hammata, leɓe, cikin kunne, gindin wutsiya da tsakanin kofato. Sai an ɗaure dabbar, an fara daga ƙafafun baya da ƙarƙashin ciki ana hawa sama, ana fesawa ta inda gashi zai tashi, an ɗaga wutsiya, an ƙare da kai da kunnuwa. Idan ka buɗa gashin hammata da yatsa ka tarar da fatar a bushe, ba a yi feshi ba tukuna.

Sai abin da ya biyo baya. Ruwan sama da ya sauka kafin jikin ya bushe yana wanke maganin, haka ma idan an kora su sun tsallaka rafi. Ruwa mai laka da aka haɗa maganin da shi yana rage masa ƙarfi. Kwalbar da ta wuce wa'adinta ko ta daɗe a rana, ita ma ba a dogara da ita.

Idan duk wannan ya yi daidai, to sai a dubi kaskar kanta, wace iri ce kuma yaya girmanta. Babbar kaskar nan mai zane a baya da dogon baki, wadda ke cin hantsa, a ƙasa take yin yawancin rayuwarta, sau uku take hawa dabba ta sha jini ta sauka. Ganin sabuwa, shafaffiya, bayan kwana huɗu ko biyar ba ya nuna maganin ya gaza. Daga ciyawa ta hau, kuma da farkon damina haka za ta yi ta hawa. Wani lokaci ma wadda ake gani matacciya ce da bakinta ya maƙale a fata. Taɓa ta ka gani ko ƙafafunta na motsi.

Ƙaramar nan mai launin toka-toka da ke cika wuya da leɓe, lissafinta daban ne. Tun tana ƙanƙanuwa kamar ƙwayar ƙasa take hawa saniya ɗaya, ba ta sauka sai ta ƙoshi, kuma hakan yana ɗaukar ta kusan mako uku. Saboda haka idan aka jiƙa saniya sharkaf da awo daidai, sannan bayan mako guda aka ga irin wannan kaska ta kumbura tim da jini, ba sabuwar hawa ba ce. Tana jikin lokacin da aka yi feshin, ta kuma tsira. Idan aka ga haka a dabbobi da yawa, aka sake feshi da sabuwar kwalba daga amintaccen wuri, aka sake ganin haka, to akwai dalilin zargin ta daina jin wannan magani. Ko a nan ma zargi ne. Tabbaci sai an tsinci ƙosassun mata masu yawa a kwalba mai ƙananan hudoji, an kai wa likitan dabbobi ya tura ɗakin gwaji.

Idan za a canza, a canza dangin magani, ba sunan kamfani ba. Saifametirin, daltametirin da fulumetirin 'yan gida ɗaya ne, kaskar da ta gagari ɗaya yawanci ta gagari sauran. Amitiraz gidansa daban. Kada kuma a gauraya biyu a famfo ɗaya da sunan ƙara ƙarfi, ko a riƙa sauyawa kowane mako. Wannan ita ce hanya mafi sauri ta rasa dukansu.

Duk kwana nawa zan riƙa yi?

Lokacin da kaska ta yi yawa, duk mako ɗaya zuwa biyu. Da rani a rage sosai, a bi abin da ido ya gani a hantsa da gindin wutsiya. Shanun ƙasar waje da ruwa-biyu sun fi na gida bukatar tsauri.

Ina so kada a ga ko ƙwaya ɗaya a garkena.

Ga shanun gida wannan buri yana iya cutarwa. Maraƙin da bai kai wata tara ba yana da juriya ga cutar fitsarin jini. Idan 'yar kaska kaɗan ta cije shi a wannan lokaci, yakan samu kariyar da za ta bi shi har girma. Wanda aka tsare tsaf bai taɓa haɗuwa da ita ba, ranar da feshi ya tsaya ko aka kai shi sabon wurin kiwo, shi ne zai fara faɗuwa. Don haka kwantar da hankalinka idan ka ga biyu ko uku. Abin da ba a bari shi ne su taru su lalata kan nono ko su buɗe gyambon da tsutsa za ta shiga.

Saniyata tana fitsari ja, ta daina kiwo.

A auna zafinta yanzu. Lafiyayyar saniya tana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ya kai 40 ko ya wuce, ga fitsari ja ko kalar shayi, ga dasashi da cikin ido sun yi fari, to cutar fitsarin jini ce ake zargi. Ana yi mata allurar diminazin, miligiram 3.5 ga kowane kilo na nauyinta, wato ƙullin nan mai giram 2.36 na dabba mai kilo 300 ne. Jira zuwa gobe yana iya zama asarar saniyar. Kada a kora ta da gudu, jininta ya yi ƙasa.

Akwai mai kama da ita wadda fitsari ba ya yin ja: zazzaɓi, shawara, rama, kashi ya bushe ya yi tauri. Diminazin ba ya yi mata komai, oksitetarasaikilin take ji. Ita wannan cuta, yi wa garke duka allura da tsinken allura ɗaya ma yana yaɗa ta. Ta uku kuma babbar kaska mai zane ce ke kawo ta: zazzaɓi mai zafi, sai dabba ta fara tauna baki ba abinci, tana ɗaga ƙafa sama-sama, tana zagaye, ta faɗi tana shure-shure. Idan an feɗe ta sai a ga ruwa ya taru a jakar zuciya. Oksitetarasaikilin yana ceto idan an yi shi tun ana matakin zazzaɓi, amma in ta kai ga faɗuwa da wuya ta tashi. Tun da alamun suna shiga juna, a bar likita ya ɗebi jini ya duba.

Kirci ma kaska ce?

Ƙwayar cutar daban ce, amma babbar kaskar nan da ruwan damina su ke buɗe mata hanya. Garken da aka rage wa wannan kaska, kirci yana raguwa a cikinsa. Sammore kuwa ƙudan tsando ne, ba kaska ba.

Ramin tsoma shanu bai fi feshi ba?

Ga babban garke ya fi, domin dabba tana nutsewa har kai. Amma kowace saniya da ta fita tana tafiya da magani a gashinta, ruwan da ya saura sai ya riƙa yin rauni. Duk ƙarin ruwa dole ya zo da ƙarin magani bisa awon ƙari da ke jikin kwalba, wanda sau da yawa ya fi na cikon farko. Ruwan sama yana tsarma shi, don haka a yi masa rufi. Laka da kashin shanu suna kashe shi, don haka a sa wurin wanke kofato kafin shiga. Amitiraz a rami yana bukatar farar ƙasa irin wadda aka tanada domin haka, in ba haka ba ya ruɓe. A shayar da su tukuna don kada su sha ruwan ramin, a yi da sanyin safiya, a ware marasa lafiya, masu tsohon ciki da jariran maruƙa a yi musu da hannu.

Zan iya tatsar nono in sha bayan feshi?

Kwalbar ta faɗi kwanakin jira na nono da na nama, a bi su. A tatsa kafin feshi, a wanke hantsa kafin tatsa ta gaba.

Ni da hannu nake cire ta in murtsuke.

Daina murtsukewa da yatsa. Akwai kaska mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe da ke ɗauke da zazzaɓin zubar jini mai kashe mutum, kuma jininta yana iya shiga ta ɗan yanka a fata. A sa safar hannu, a jefa su a kananzir ko wuta, kada a yar a ƙasa, domin mace ɗaya da ta ƙoshi tana zuba dubban ƙwai. Mai feshi shi ma ya rufe hanci da baki, ya juya wa iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama. Ruwan wankin famfo kada ya bi rafi ko kusa da rijiya, yana kashe kifi, kwalbar kuma a huda ta don kada wani ya zuba abin sha a ciki.