Bizar iyali ta Birtaniya: sharaɗin samun kuɗi da shaidar aure

Bizar iyali ita ce izinin da mata ko mijin ɗan ƙasar Birtaniya, ko na wanda ya samu zaman dindindin a can, da 'ya'yansu ke nema don su zo su zauna tare. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke bayar da ita. Wanda ya nema daga waje ana ba shi wata 33, ya sabunta na wata 30, bayan shekara 5 ya nemi zaman dindindin.

Inda aka fi samun cikas shi ne wajen kuɗi. A watan Yulin 2012 aka sanya sharaɗin cewa mai ɗaukar nauyi, wato mijin ko matar da ke Birtaniya, ya riƙa samun fam 18,600 a shekara, da ƙarin fam 3,800 saboda ɗan fari, da fam 2,400 ga kowane yaro na bayansa. Ranar 11 ga Afrilun 2024 aka ɗaga adadin zuwa fam 29,000, aka kuma cire ƙarin na yara ga sababbin masu nema. Idan mata tana Kano tana aiki, ba a lissafa albashinta a neman farko, na mijin da ke Birtaniya ake dubawa. Ma'aikaci yakan kawo takardun albashi na wata 6, da bayanan banki da ke nuna shigar kuɗin, da wasiƙar wurin aiki. Ko da albashin ya kai, saɓani tsakanin waɗannan takardu kan jawo a ƙi bizar.

Ajiyar banki na iya cike giɓi, amma ba a lissafa fam 16,000 na farko. Mai albashin fam 25,000 ya gaza da fam 4,000. Sai a ninka giɓin sau biyu da rabi, ya zama 10,000, a ɗora kan 16,000. Yana buƙatar fam 26,000 ke nan, kuma kuɗin su yi wata 6 a hannunsa ko hannun matar. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai sai ya nuna fam 88,500.

Ta fuskar aure, dole ma'auratan su kai shekara 18, sun taɓa haɗuwa ido da ido, kuma auren ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Auren da aka ɗaura a masallaci ba tare da takarda ba yakan wahalar da mai nema, domin jami'i takarda yake gani, ba waliyyi da shaidu ba. Akan haɗa da shaidar ziyara, da tura kuɗin cefane, da hirar waya. Mai mata fiye da ɗaya kuwa, ɗaya kawai doka ta yarda ya kawo ta wannan hanya.

Yara sai waɗanda ba su kai 18 ba, da takardar haihuwa mai sunan iyaye. Idan ɗaya daga iyayen zai ci gaba da zama a gida, yawanci sai mai kawo yaron ya tabbatar da cewa shi kaɗai ke yanke shawara kan karatunsa da lafiyarsa da tarbiyyarsa.